Ma'ajiyata ta cika, me zan goge?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika min taf, har imel ya daina shigowa. Na goge hotuna kusan 300 masu kama da juna, amma ko gezau. Me ke cinye wurin?

Mai gyaran waya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Dakata da goge-gogen nan tukuna. Gmail da Drive da Photos duk a tukunya ɗaya suke ci, sai ki fara gano wanda ya fi ci. Buɗe `one.google.com/storage`, zai nuna miki rabon kowanne. Hoto 300, in kowanne megabait 3 ne, ko gigabait ɗaya bai kai ba. Bidiyo kuwa guda biyu ko uku masu tsawo sun isa su cinye haka. A Drive ki shiga `drive.google.com/drive/quota`, manyan fayil ne ke zuwa a sama. A Gmail ki rubuta wannan a wurin bincike:

```
has:attachment larger:10M
```

Abin da na fi zargi dai ajiyar WhatsApp ce, don yanzu a wayoyin Android cikin wannan 15 ɗin ake lissafa ta. Duba girmanta a cikin WhatsApp, a Settings > Chats > Chat backup.

Ɗalibi: Yaya, ki danna Free up space kawai a Photos. Ni da na yi, wuri ya samu nan take.

Mai gyaran waya: A wayarka wurin ya samu, ƙanena. Wancan maɓallin kwafin da ke cikin waya yake cirewa, na intanet yana nan daram.

Malamar makaranta: Ni maganar masu kama da juna ce ta taɓa ni. Na taɓa ganin fayil biyu suna ɗaya, na goge guda, ashe shi ne wanda na gyara daga baya. Allah ya taimake ni yana cikin Trash, inda Drive ke riƙe abu kwana 30. Tun daga nan sai na gwada girma da ranar gyara, in buɗe duka biyun da idona. Hoton da ya bi ta WhatsApp ma an matse shi, don haka mai girman shi ne na asali, shi ake bari.

Mai tambaya: Na duba fa! WhatsApp gigabait 8, Photos 4, Drive 2, Gmail 1.

Mai gyaran waya: To ga ɓarawon nan. Kwashe bidiyoyin da kike so zuwa kwamfuta, ki kashe Include videos a wurin Chat backup ɗin, sannan ki sake yin ajiya. Duk abin da kika goge a Drive, sai kin zubar da Trash wurin zai dawo, kuma lissafin kan ɗan jinkirta kafin ya sauka.

Malamar makaranta: Malam, in ta sauya waya fa? Ai bidiyoyin ba za su dawo cikin hirarrakinta ba. Ni da Photos zan fara ragewa.