Riflos ko tururi, wanne zan ba wanne? RGA ya ban 2 da -1

Ɗalibar Kemikal: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Ina aiki kan model ɗin Wood da Berry na 1973, kolom mai raba metanol da ruwa, riflos da tururi ne abin da nake juyawa, ina so in riƙe tsaftar sama da ta ƙasa. Gen ɗin su ne 12.8 da -18.9 a layin sama, 6.6 da -19.4 a layin ƙasa, na lissafa RGA, wato lissafin da ke nuna yadda lup biyun ke cuɗanya da juna, ya ban kusan 2 da -1 to yanzu wanne zan haɗa da wanne kenan?

Ɗan Shif: Wslm, ai sai ki rage gen ɗin PID ɗinki kawai, 12.8 ya yi yawa wallahi.

Ɗalibar Kemikal: A'a yaya ba na kontirola ba ne, na kolom ɗin ne kansa, ko kontirola ban saka ba tukuna.

Sarkin Tunin: Ɗauki mafi girma kawai, 2 ɗin. Riflos ya riƙe sama, tururi ya riƙe ƙasa, shikenan.

Baba Injiniya: Amsarka daidai amma dalilinka zai kai ka ya baro wata rana, ba mafi girma ake nema ba, wanda ya fi kusa da 1 ake nema kuma ba mai maines ba. 'Yata ki duba, in kika taɓa riflos tururi na manuwal, sama zai motsa da gen 12.8. In kuma lup ɗin ƙasa na oto yana riƙe nasa tsaf, kina ƙara riflos ƙasa zai fara lalacewa sai shi ya ƙara tururi, tururin nan kuma ya ja sama baya, abin da zai rage miki 6.37 ne kacal. Raba 12.8 da 6.37, ga 2.01 ɗinki. Abin da Bristol ya kawo a 1966 kenan, gen lokacin da ɗayan ke buɗe a kan gen lokacin da yake rufe.

Ɗalibar Kemikal: Allah ya saka Baba, to -1 ɗin fa me ya sa ake gudunsa haka?

Baba Injiniya: Gwada haɗin a juye ki gani. Riflos zuwa ƙasa gen 6.6 ne, amma da zarar tururi ya kama riƙe sama sai ya koma kusan -6.5, wato alamar ma ta juya. In kika saita kontirola da alamar da ta dace lokacin da duka biyun ke oto, ranar da wani ya mai da ɗaya manuwal ko bawul ɗinsa ya buɗe har ƙarshe, ɗayan zai riƙa tura abin inda bai kamata ba kuma intigiral ba zai bari ba sai ya kai bawul bango. Ko haɗin mai kyaun ma da sauran rina a kaba, in kin yi tunin sama lokacin ƙasa na oto, ana mai da ƙasa manuwal gen ya ninka biyu sai ki ga layin ya fara lilo. Ni da ɗayan a manuwal nake fara tunin, sannan in rufe duka in sake dubawa.

Mai Kod: Ku yi hankali da yadda kuke rubutawa fa, ni na taɓa yin `K*inv(K)` a MATLAB ya ban 1 da 0, har na fara murna wai babu cuɗanya ko kaɗan. Daidai shi ne:

```
K = [12.8 -18.9; 6.6 -19.4];
L = K .* inv(K).'
```

kowane layi ki tara dole ya ba da 1, 2.01 da -1.01, a tsaye ma haka.

Ɗan Shif: To ni nawa tankin gauraya ne, bututu biyu, ɗaya na kawo kashi 80 cikin ɗari na duk abin da ke shiga ɗayan 20, muna riƙe jimlar kwarara da kauri, kullum lup biyun suna faɗa da juna.

Baba Injiniya: A naka lamda, wato lambar RGA ɗin, ita ce rabon bututun kansa. Babban ya riƙe jimla, 0.8 kenan, ƙaramin ya riƙe kauri. Je ka duba, ina zargin a juye aka haɗa muku, kuna zaune a 0.2. Amma in rabon ya taɓa komawa rabi da rabi to 0.5 ne ko ta ina, babu haɗin da ya fi wani.

Hajiya Kontirol: Ni dai ban cika sakankancewa da shi ba gaskiya, wannan lissafin na bayan komai ya lafa ne, bai san jinkiri ba. A model ɗin nan riflos na isa sama cikin minti 1 amma sai minti 7 yake isa ƙasa, an yi sa'a jinkirin ya goyi bayan haɗin, akwai inda ba haka ba ne. Kuma in ɗaya daga gen na gicciye sifili ne RGA zai ba ki 1 da 0 tas alhali lup ɗaya na dukan ɗayan ta gefe guda. Ki lissafa shi kuma a firikwensin da lup ɗin zai yi aiki.

Sarkin Tunin: Ni da 2 ɗin nan dikofla mai soke cuɗanyar lup biyun zan saka in huta.

Hajiya Kontirol: In model ɗinka daidai ne ba. A 2 ni sassauta tunin ɗaya zan fara yi.

Ɗalibar Kemikal: Bari in gwada duka biyun a Simulink, amma wanne zan sassauta, sama ko ƙasa?