Me za mu kira Voicemail da Hausa, tunda "saƙon murya" ya riga ya yi mai shi?

Malamar Hausa: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina na yaƙi da jahilci takardar koyon amfani da waya, sai na cije a wurin da allo ke nuna Voicemail, da ɗan'uwansa Greeting. Da na sa "saƙon murya" sai matan ajin duk suka ɗauka wanda ake danna makirfo a WhatsApp nake nufi. Ina neman sunan da zai raba su, da sunan maganar da mai kira ke ji kafin ya bar nasa saƙon.

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam, Malama. Ai duk ɗaya ne. Ni ma jiya na tura wa abokin ciniki saƙon murya bai shiga ba sai dare, ashe datarsa ce ta ƙare.

Mai Gyaran Waya: Alhaji, naka daban ne. Na WhatsApp kai ka ga dama ka naɗa ka aika. Wanda Malama ke nufi kira ne aka yi maka ba a same ka ba, sai kamfanin layinka ya karkatar da kiran zuwa wata na'ura tasa, ita ta amsa, ta naɗi maganar mai kiran ta ajiye. A wurinsu saƙon yake zaune, ba a cikin wayarka ba. Shi ya sa ko ka sauya waya, muddin layin ne, za ka tarar da shi.

Hali uku ke jawo karkatarwar: waya ta yi ƙara ba a ɗauka ba, ko tana kashe ko babu sabis, ko kana kan wani kiran. Kowanne da lambar da ake duba shi da ita, a jere kamar yadda na faɗa:

```
*#61#
*#62#
*#67#
```

Ka danna ka buga kamar kira, allo zai nuna lambar da ake tura kiranka in akwai.

Malamar Hausa: To ashe ajiya ce ake bar wa mutum. Wannan ya tuna min da sallahu. In ka je gidan mutum ba ka same shi ba, kakan bar sallahu wurin wanda ka tarar, a faɗa masa in ya dawo. Me zai hana mu ce "akwatin sallahu"?

Baba Mai Ritaya: Madalla, 'yata. Kalmar ta zauna daram, don sallahu da baki ake ba da shi, kuma sai ta hannun wani yake isa. Amma kada ki ce wa ɗayan "gaisuwa". Gaisuwa mutum biyu ke yin ta, a tambayi gida a tambayi gajiya. Wannan kuwa mai kira ne ya yi sallama aka amsa masa daga zaure cewa maigida ba ya nan. Ni "amsar sallama" zan ce.

Ɗan Damagaram: Mu nan allo Messagerie vocale yake nunawa, kuma da yawa suna kashe kiran da zarar sun ji muryar na'ura, don kuɗin kati na tafiya tun daga lokacin da ta amsa. Akwatin sallahu ya yi min. Amsar sallama kam ta yi tsawo, Baba. "Maraba" ba ta isa ba?

Baba Mai Ritaya: Ana yi wa mutum maraba ne in za a shigo da shi, ɗana. Wannan sallamarsa ake yi.

Mai Gyaran Waya: Bari in faɗi yadda ake saka ta, sai ku auna sunan. A yawancin wayoyi in ka danne lamba 1 ka riƙe, za ta kira akwatin, in dai layinka na da shi kuma an buɗe. Karon farko na'urar kan nemi ka zaɓi lambar sirri. Daga nan ka bi muryar har wurin naɗar maganarka, ka yi bayan ƙarar "ƙit", ka saurara, sannan ka tabbatar. Nan mutane ke faɗuwa: su naɗa su kashe kiran ba su danna tabbatarwa ba, sai tsohuwar muryar kamfani ta ci gaba da amsawa. A iPhone, in kamfanin layin ya ba da damar, ana shiga Phone, a taɓa Voicemail, sai Greeting, a zaɓi Custom, a danna Record, a ƙare da Save. Ko ta wace hanya ka bi, ka ari wayar wani ka kira kanka ka ji da kunnenka.

In kuma akwatin na saurin kwace kira kafin ka ciro waya daga aljihu, ana ƙara lokacin, daga sakan 5 zuwa 30, biyar-biyar. Lambar akwatin ita ce wadda *#61# ta nuna maka:

```
**61*lambar akwatin**30#
```

Direban Tanka: Maigida, ni ga tawa matsalar. Ranar Talata matata ta bar min sallahu, bari in fara amfani da kalmar, wajen goma na safe, cewa yaronmu ba lafiya. Ina hanya, na ratsa daji inda babu sabis. Sha ɗaya da rabi na fito gari, sandunan sabis sun cika, amma sanarwar ba ta shigo ba sai bayan la'asar da na buga wa yaron motata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka batirin wayar ne ke danne saƙonni.

Mai Gyaran Waya: Allah ya ba shi lafiya. Batun batiri na da gaskiya a wayoyin da ke jawo sallahun ta data su jera shi a allo. Can tsimin batiri ko rufe data na iya jinkirta shi. Amma naka tes ne ya zo, ko?

Direban Tanka: Tes ne. Kuma ban ga kiran da na rasa ba sam.

Mai Gyaran Waya: To ka ga shaidar. Da wayar ta yi ƙara za ka ga kiran a jerin waɗanda ba ka ɗauka ba. Tunda babu, kiran bai iso wayarka ba, ta ƙofar *#62#, ta rashin sabis, ya wuce. Da matarka ta gama magana, akwatin ya miƙa sanarwa ga cibiyar tes ta kamfanin. Cibiyar ta neme ka ba ta same ka ba, sai ta riƙe saƙon, aka yi wa layinka alama cewa akwai ajiya tana jira. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ta sake gwadawa bisa jadawalinta, wanda tazararsa kan ƙara faɗi bayan kowane gwajin da bai yi ba, ko kuma wayarka ta yi motsin da zai nuna ta dawo.

Cikar sanduna na nufin wayarka tana jin ƙarfen sabis, ba lallai ita ta yi masa magana ba. In a wurin kamfanin ba ka fita daga yankin da aka san ka da shi ba, tana iya yin shiru har lokacin da aka tsara mata ta sanar da kanta, wanda kan kai sa'o'i. Kiran da ka buga bayan la'asar shi ya tona cewa kana nan, sai aka sako ajiyar. Gaba in ka fito daga daji, ka kunna alamar jirgi ka kashe, wayar za ta sake rajista nan take. In kana tsammanin saƙo, kira akwatin kai tsaye, don sallahun na ciki tun goma na safe.

Ɗan Damagaram: Ƙaramar wayar mahaifiyata ma haka take, amma ita kullum tana gida cikin sabis.

Mai Gyaran Waya: Duba ko ma'ajin tes ɗinta ya cika. Ƙananan wayoyi in sun cika sukan ƙi karɓa, cibiyar ta riƙe har sai an goge wasu.

Malamar Hausa: Na gode ƙwarai. Na rubuta "akwatin sallahu", tes ɗin kuma "sanarwar sallahu". Ɗayan zan kai "amsar sallama" da "maraba" aji ranar Asabar in ji wadda matan za su gane ba tare da na yi bayani ba.

Ɗan Kantin Kwari: Malam mai gyara, ni kuma in ina so in rufe akwatin gaba ɗaya fa? Abokan ciniki na ƙorafin yana cin katinsu.

Mai Gyaran Waya: Buga wannan, Alhaji, amma ka sani duk wata karkatar da kira da ka taɓa sawa za ta tafi tare da shi. In ya dawo da kansa, sai ka kira kamfanin layin su cire daga can.

```
##002#
```