Yaya ake yi wa yara tatsuniya su tsaya su saurara?

Maman Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa don Allah a ba ni shawara. Jiya da aka ɗauke wuta na tara yarana da na maƙwabta na fara musu ta 'yar bora da ruwan Bagaja, ban kai rabi ba biyu sun yi barci ɗaya ya ce in ba shi waya. Kuma labarin na san shi sarai, me na rasa?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Kin bar musu gurbin amsawa kuwa? Ko ke kaɗai kika yi ta zuba?

Maman Ikram: Sun dai ce ta zo mu ji ta da farko, daga nan ni na ci gaba Anti.

Hajiya Ladi: To nan ne matsalar 'yata. Wannan tatsuniyar ai don maimaici aka gina ta. Yarinya ta iso kogi na farko ta tambaya ko shi ne ruwan Bagaja, ke ki yi tambayar ki yi amsar kogi, a kogi na biyu ma haka da kalmomin nan dai ba canji, to a na uku sai ki ja murya ki ce kogi kogi ko kai ne... ki yi shiru ki dube su. Wallahi su za su ƙarasa miki. Daga nan tambayar ta zama tasu, ke amsar kogi kawai za ki riƙa yi. Haka wurin ƙwai, ke ki ce in fasa? su kuma su amsa fasa fasa mu sha ƙwai, sai a wurin ƙarshe ki ɗora yatsa a baki kowa ya yi tsit, nan ne za ta fasa. Kuma kada ki taƙaita tafiyar 'yar mowa ki ce ita ma ta bi hanya haka, a'a, ki bi kogunan ɗaya bayan ɗaya, su sun riga sun san abin da ya kamata ta yi, jin daɗinsu shi ne su ga ta yi rashin kunya a inda waccan ta yi ladabi.

Baban Sadik: Ki saukar musu da na katun a waya mana, akwai su da Hausa.

Anti Bilki: Malam wayar ake so a raba su da ita fa.

Ummu Walid: Ni dai kashedina kan murya ne. Ƙanin maigidana ya zo hutu ya ce zai yi wa yara ta Dodo, ya kashe fitila ya kumbura murya yana gurnani yana buga ƙyaure, manyan suna ta dariya shi kuma ya ƙara, ba wanda ya lura autana ɗan shekara 4 ya daina amsa waƙar ya ƙanƙame zanina. Yaron nan ya daɗe ba ya yarda ya fita bayi da dare sai an raka shi, har fitsarin kwance ya dawo masa. Alamar da za ki gane ita ce wannan, yaro in yana jin tsoro mai daɗi zai yi ihu yana dariya yana amsawa, in ya yi shiru ya daina amshi to ki sauke muryar nan take ki kawo Gizo ko wani abin dariya. Muryar Dodo ta yi kauri a hankali ta isa, ba sai an yi tsawa ba.

Malam Habu Damagaram: Gaskiya ne. Gizo ma da tsamin bakinsa kaɗai ya wadatar, sarki ya koma shaiki. 'Yar bora murya ƙasa ƙasa, 'yar mowa da tsiwa da tsaki. Amma kar muryoyi su wuce uku ko huɗu, za ki manta wa kika ba wacce kuma yara ba sa yafe wannan, take za su ce ai ba haka tsohuwa take magana ba.

Hajiya Ladi: Babu Gizo a cikin ta Bagaja dai Malam, kar ka rikita ta.

Malam Habu Damagaram: Hajiya misali na kawo. Kuma mu kakarmu tana cusa shi a duk inda ta ga mun fara gyangyaɗi.

Zee Kurna: Ni a makaranta nake so in yi wa 'yan aji ɗaya, amma an ce wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi, har yanzu abin na raina wallahi

Anti Bilki: Dabarar iyaye ce don a yi aike da tallan rana. Ki yi abinki, ajin dai ki raba biyu, gefe ɗaya su yi tambaya gefe ɗaya su zama kogi.

Ummu Walid: Ni ban yarda a yi da rana ba, armashinta yana tafiya.

Baban Sadik: Wai ƙurunƙus kan kusu ake cewa ko kan ɓera? Mu kan kusu muka taso da shi.

Zee Kurna: Kan ɓera a Kano.

Maman Ikram: Na gode Hajiya, yau bayan isha'i zan gwada ta kogin. Amma masu barcin fa, in tashe su ko in ƙyale su in ƙarasa gobe?