Gaisuwar Sallah ga mutum talatin: me ake canzawa, me ake bari?

Uwar Biyu: Jama'a barkanmu da war haka. Ranar Sallah mutum yakan gaisa da mutum talatin ko fiye, wasu ido da ido, wasu ta waya, kuma kowa "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana" yake samu, daga suruki har yaron maƙwabta. In an kai na goma sai ka ji bakinka ne kawai ke motsi. Waɗanda suka san kan gaisuwa, ta ina ake sauya ta ba tare da an koma yin waƙa ba?

Malamin Zaure: Hajiya, gaisuwar Sallah gaɓa uku ce, kuma yawanci gaɓar da bai kamata a taɓa ba ita mutane ke wahalar da kansu a kai. Akwai barka, akwai tambaya, akwai addu'a. Barkar a bar ta yadda take. "Barka da Sallah" kamar sallama ce, ba wanda ke gajiya da jinta, kuma duk wanda ya ce sai ya ƙawata ta yakan ƙare da "ina taya ka murnar zagayowar wannan rana mai albarka", wato harshen sanarwar rediyo. Tambaya da addu'a su ne ke sauyawa, kuma ba daga ƙamus ake samo su ba, daga halin wanda ke gabanka ne.

Ɗauki ranar Ƙaramar Sallah, gida ɗaya, mutum huɗu. Dattijon gidan da ya kai azumi da ƙyar: "Baba barka da Sallah, an sha ruwa lafiya? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa da ku za a ga ta baɗi." Uwargida da ta kwana kan tuwo da miya: "Barka da Sallah, sannu da hidima, ya aka ji da baƙi? Allah ya saka da alheri." Saurayin da ya yi itikafi a goman ƙarshe: "An fito lafiya? Allah ya karɓa, ya sa an dace da daren Lailatul Ƙadari." Amaryar da wannan ce Sallarta ta fari a gidan: "Barka da Sallah amarya, ya baƙunta? Allah ya sa ta baɗi da goyo." Barka ɗaya ce duka, amma ba wanda zai ce ka maimaita kanka. Ita ta amaryar ma sai in akwai wasa tsakaninku, ko ke babba ce gare ta. Ƙanin miji ya faɗa a yi dariya, baƙon namiji ya faɗa a ga rashin ta ido.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, ni a ganina duk wannan zagaye ne. Abin da ya zo daga magabata shi ne "Taƙabbalallahu minna wa minkum", a riƙe shi a huta. Sannan a daina cewa "barka da shan ruwa" ranar Sallah, wannan ta bayan magariba ce a cikin azumi. Azumi ya wuce, wane ruwa kuma?

Malamin Zaure: Rabin maganarka daidai ne. An ruwaito daga Jubairu ɗan Nufairu cewa sahabbai in sun haɗu ranar idi sukan ce wa juna haka, kuma Ibnu Hajar ya kyautata isnadinsa. Amma ba a ce ita kaɗai ta halatta ba, kuma ma'anarta ita ce dai "Allah ya karɓa mana, ya karɓa muku", wadda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta amsa da amin har zuciyarta. In za a faɗa da Larabci a lura da ƙarshenta: minka ga namiji, minki ga mace, minkum ga jama'a. Mai tura saƙo ɗaya ga kowa ya tsaya kan minkum, ba ta ɓaci.

Zancen shan ruwa kuwa ban bi ka ba. A Ƙaramar Sallah ana cewa "an sha ruwa lafiya?" ana nufin watan gaba ɗaya, wato an kammala azumin lafiya. Inda take zama kuskure shi ne Babbar Sallah, kuma ana yi, musamman masu tono saƙon da suka tura wata biyu da suka wuce su sake turawa.

'Yar Zazzau: Abin da ba a faɗa ba shi ne lokaci. Gaisuwar tana tafiya da rana, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba mutum kala huɗu ko biyar. Ranar jajibere ba a tambayar an yi Sallah lafiya, sai dai "ya shirye-shirye? Allah ya kai mu goben lafiya." Da hantsin ranar, "an sauko idi lafiya?" Da yamma ko washegari, "ya gajiyar Sallah?" A Kano in rana ta biyu ce ana iya tambayar ko an je kallon Hawan Daushe, ta uku Hawan Nassarawa. Bayan mako guda kuma "barka da Sallah" ta fara tsami, sai "an yi Sallah lafiya?" kawai, ko a tambayi ya Sitta Shawwal ga wanda aka san yana yi. Wanda ba a sani ba kar a tambaye shi, sai ya ji kamar ana bin sa bashin azumi shida.

Sannan "an" ta fi "ka" da "kin" aminci wajen manya da surukai. "Kin yi Sallah lafiya?" ga uwar miji yana da ɗan kaifi. "An yi Sallah lafiya, Mama?" shi ne daidai.

Ɗan Damagaram: A ƙara da duba wace ƙasa mutum yake. A Najeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, mu a Nijar hukumarmu daban, kuma akan samu shekarar da za a sha bamban da kwana ɗaya. Sai ka ga an aiko wa mutum "an sauko idi lafiya?" alhali yana cikin azumi na talatin, bakinsa a bushe. In ba a tabbatar ba a ce "ku kun ga wata kuwa?" tukuna. Haka a Babbar Sallah, nan wurinmu raguna ake gasawa a jikin itace ranar Sallah, rabon nama sai washegari, don haka "ya aikin nama?" tana da rai har kwana biyu. Muna kuma yawan haɗawa da neman gafara: "Barka da Sallah, a yafe mu." Amsarta "an yafe, mu ma a yafe mana." Ga wanda kuka ɗan samu saɓani cikin shekara, wannan ta fi kowace doguwar addu'a aiki.

Baban Khalifa: Ni dai matsalata yaran unguwa. Da sun ce barka da Sallah hannu suke miƙowa. Bara sababbin 'yan ɗari biyu-biyu na canzo suka ƙare kafin azahar. Nawa ya kamata a riƙa bayarwa?

'Yar Zazzau: Baban Khalifa ba goron Sallah ake tambaya ba, amma ka taɓo wani abu. Kalmar "barka da Sallah" tana da fuska biyu: gaisuwa ce, kuma sunan kyauta ne, shi ya sa ake cewa "ina barka da Sallata?" Don haka ƙarami in zai gaida mai hali, ko ma'aikaci zai gaida maigidansa, ya tura "barka da Sallah" tsurarta ba tambaya ba addu'a, ana iya karanta ta a matsayin roƙo. In ba roƙon ake nufi ba a cika ta: "Ranka ya daɗe barka da Sallah, an yi Sallah lafiya? Ya iyali? Allah ya ƙara girma." Kuɗin yara kuwa daidai aljihunka.

Inna ta Gwammaja: Ku bar ni in faɗi inda gaisuwa ke yin ciwo, don nan ne sauyin ya zama dole, ba ado ba.

Gidan da aka yi rashi cikin shekarar, Sallar farko ba mamacin tana da nauyi. Kar a shiga da fara'ar "Allah ya maimaita mana." Maimaita me? A sassauta murya, a ce "an yi Sallah lafiya? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari." Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ba kwalliya, ba a tambayarta ɗinkin Sallah ko lalle ko da wasa. Mara lafiyar da bai samu yin azumi ba, ba a ce masa an sha ruwa lafiya, a ce "ya jiki? Allah ya sa kaffara ne, ya ba da ladan niyya."

Na Babbar Sallah ya fi yawa. "Allah ya karɓi layya" addu'a ce mai kyau, amma ga wanda ka tabbatar ya yanka. Magidancin da bana bai samu iko ba, ka ce masa haka gaban 'ya'yansa, ka sa shi ya sunkuyar da kai ko ya yi ƙarya. "Ina namanmu?" ma haka, wasa ne na jika da kaka ko na taubasai, ba na kowa ba. In ba ka sani ba ka ce "Allah ya karɓi ibada, ya hore mana na baɗi", ta rufe mai rago da marar rago. Kar kuma a yi saurin yanke cewa mutum bai yi ba don ba a ga jini a ƙofar gidansa ranar 10 ga Zulhajji ba. A mazhabar Malikiyya ana yanka har ranar 12, wasu kuma da gangan suke jira kuɗin dabba ya sauka. Gidan da wani nasu ke aikin Hajji, a tambaye su "ana jin labarin Alhaji? Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, ya dawo da su lafiya."

Uwar Biyu: Inna Allah ya saka. To amsawa fa? In mutum goma suka ce Allah ya maimaita, amin goma zan jera?

Malamin Zaure: Amin ba ta tsufa, amma a ɗora mata abu kaɗan na mai gaisuwar. Ga ɗalibi, "amin, Allah ya ba da sa'ar karatu." Ga ɗan kasuwa, "amin, Allah ya sa albarka a nema." Ga yaro, "amin, Allah ya yi maka albarka." Ga tsaranka, "barkanmu dai, Allah ya nuna mana ta baɗi." Abu ɗaya da za a kiyaye: in an ce "Allah ya maimaita mana" kar a mayar da "ya maimaita maka", ka fitar da kanka daga addu'ar ke nan.

Ɗan Kurmi: Na karɓi gyaran shan ruwa. Amma Mauludi fa? Ranar 12 ga Rabi'ul Awwal wasu na cewa barka da Mauludi, wasu ba sa yi sam. In aka gaida wanda ba ya yi, ko shi aka gaishe shi?

Inna ta Gwammaja: A unguwarmu wanda aka san yana yi, har da fita Takutaha, ana ce masa barka da Mauludi. Wanda ba a san ra'ayinsa ba, "Allah ya ƙara mana son Annabi, sallallahu alaihi wa sallam", ban taɓa jin wanda ya ƙi cewa amin ba.

Ɗan Kurmi: Amin ɗin zai ce, amma in ranar aka zaɓa aka faɗa masa, ai ya gane inda aka dosa. Ni a wurina gara a gaishe shi gaisuwar kullum a wuce.

'Yar Zazzau: Wannan kam ko malamai ba su gama da ita ba. Uwar Biyu, in saƙon waya za ki tura wa dangin miji, ki sa sunan kowa ko laƙabinsa a farko, kuma ki duba kar alamar an-turo-daga-wani ta fito a samansa. Kawu da Gwaggo dai a kira su da murya.