Taƙaitawar muhawarar koke-koken kwastomomi: wanne za a fara gyarawa?

Ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da ƙirga. A rubuta koken tsawon wata guda, a kasa shi gida-gida, a jera daga mafi yawa zuwa ƙasa, ana tara kason kowane gida a kan na waɗanda suka gabace shi.

2. Misalin shagon ɗinki da aka kawo: koke 50, jinkiri 28, kuskuren awo 12, sauran 10 ƙananan abubuwa. Biyun farko sun cinye kashi 80 cikin ɗari, nan za a sa ƙarfi.

3. An ja kunne kan gidan "sauransu". In ya fi kowane gida yawan koke, rabon bai yi ba, a sake.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a bi yawa, wasu suka ce a bi asara. Shadda ɗaya da aka ƙona da dutsen guga ta fi jinkiri goma ciwo. Ni ina tare da na biyun.

5. Ba dole lissafin ya faɗa 80 da 20 cif ba, wato a ce kashi 80 na koke daga kashi 20 na dalilai yake fitowa. Bayan gyara a sake ƙirgawa, a ga ko jinkirin ya sauka.