Tallan shagona na rediyo ya ƙi shiga sakan 30

Mai Atamfa: Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Na biya kuɗin talla na sakan 30, na rubuta da kaina amma in na karanta sai ya kai sakan 50 kuma numfashina har yankewa yake. Ga farkon, na cire sunan shagon: "Shagon Wane da ke Kantin Kwari na farin cikin sanar da ɗaukacin abokan cinikinsa masu daraja cewa ya kawo sababbin atamfofi da shaddodi da leshi da yadika masu inganci a farashi mai rahusa domin bikin sallah." Sai adireshi, lambar waya biyu, na rufe da "sai kun zo muna maraba da ku". Ina zan gyara?

Tsohon Mai Gabatarwa: Wa alaikumus salam. Ƙanina wannan ai katin ɗaurin aure ka rubuta. Ƙirga ka gani, jimlar nan kalma 36 ce babu wurin shan iska, kuma sai an wuce kalma 17 kafin a ji "ya kawo", to mai saurarenka yana cikin Adaidaita Sahu a Ƙofar Mata ana ta hon, ko Hajiya tana tuƙa tuwo, wa zai jira ka? Ni lokacin da nake ɗaukar talla ba na bari ya wuce kalma 70 a sakan 30, in za a sa kiɗa a farko da ƙarshe ma sai na rage zuwa 60. Ka cire "farin cikin sanar da" gaba ɗaya, ka zaɓi kaya ɗaya ka yi magana da mutum ɗaya. Misali:

"Hajiya, sallah ta matso. / Kin yi ɗinki? / Sabuwar atamfa ta sauka a shagon Wane. / Shagon Wane, Kantin Kwari."

Kowace sanda wurin numfashi ce. Ka tashi tsaye ka karanta da ƙarfi kana ɗauka a waya, duk inda harshenka ya sarƙe to kalmar ce da laifi, canza ta. Sannan ka ba yaron shagonka ya karanta ba tare da ya taɓa gani ba, inda ya yi tuntuɓe nan mai karantawa a gidan rediyo ma zai yi.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai shawarata ka nemi mawaƙi kawai ya maka jingil, ko kuma su ƙara gudun muryar a kwamfuta, ai suna yi, 50 ta koma 30 shikenan.

Tsohon Mai Gabatarwa: Suna yi, amma sakan 2 ko 3 ake matsewa. In aka matse 20 dogon wasali zai gajarce, mu kuma Hausa da shi da karin sauti muke bambance fari na launi da fari na farko. Mawaƙin ma sai ka ba shi kalmomi masu kyau tukunna.

Maman Biyu: Yaya lambar waya biyun nan ita ta cinye maka lokaci wlh. Lamba 11 ce kowacce, gwada faɗin "sifili takwas sifili uku" har ƙarshe da agogo a hannu ka gani. Ni ban taɓa rubuta lamba daga rediyo ba, kafin na nemo biro an wuce. Faɗi layin da kake da lambar shago ya fi.

Mai Atamfa: Hajiya ai ina da kwastomomi daga Gaya da Bichi da suke kira kafin su taso, ba zan iya cirewa duka ba gaskiya.

Maman Biyu: To bar ɗaya, amma ni har yanzu ban yarda tana aiki ba.

Malamin Hausa: Rufewar taka ce ta dame ni, "sai kun zo" kowane mai shago a Kwari zai iya faɗa, har mai rake. Duba yadda kirari yake tafiya, gaɓa biyu gajeru masu nauyi ɗaya sai ta uku ta sauke. Mata me suke tsoro a atamfa, ba zuba ba? To ga shi: "A wanke, a shanya, tana nan yadda take." Sai sunan shagon ya biyo baya ya zama shi ne abu na ƙarshe da kunne ya ji. Ba dole sai amsa-amo ba, in ka tilasta shi waƙar 'yan firamare zai koma. Kuma kar ka riƙa canza ta duk sallah, maimaici ne ke sa yara su haddace.

Tsohon Mai Gabatarwa: Malam ta yi daɗi a baki. Sai dai ƙanina ka tabbata duk atamfar da ke shagonka ba ta zuba, don wadda tata ta zuba da wannan jimlar za ta zo ta yi maka tijara a gaban mutane.

Mai Atamfa: Kai, akwai masu arha guda biyu da ban yarda da su ba. Na gwada sabon yanzu ya tsaya a sakan 27 da lamba ɗaya. Bari na jiƙa ƙyallensu a bokiti yau da daddare kafin na kai rubutun.