Cauchy–Schwarz ya ba ni √40, amsar kuma 5 ce: ina matsalar take?

Rukayya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka. An ce x² + 4y² = 20, a nemo mafi girman x + y. Na yi amfani da Cauchy–Schwarz na samu √2 × √20 = √40, wajen 6.32, amma amsar da aka bayar 5 ce. Ni ce ban gane ba, ko amsar ce ba daidai ba?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ni a ganina AM–GM, ƙa'idar da ke kwatanta jimillar lambobi da ninkinsu, ya kamata ki ɗauko. Ki daidaita ɓangarorin biyu, x² = 4y² = 10, nan ne jimilla take kai ƙololuwa.

Malam Habibu: Sadiƙ, gwada lambobinka mana. x = √10, wajen 3.16, y kuma rabinsa, 1.58. Jimilla 4.74. Yanzu gwada x = 4 da y = 1: 16 + 4 = 20, sharaɗi ya cika, jimilla kuma 5. Ka ga an wuce ka. Daidaita ɓangarorin nan da ka yi shi ne hanya in da xy ake son ya girma, amma x + y aka tambaya.

Rukayya, amsar 5 daidai ce. Ga ƙa'idar ga lambobi bibbiyu:

(a₁b₁ + a₂b₂)² ≤ (a₁² + a₂²)(b₁² + b₂²)

Kin ɗauki (x, y) da (1, 1), sai kika samu (x + y)² ≤ 2(x² + y²). Har nan babu kuskure. Sai dai abin da aka ce ya kai 20 shi ne x² + 4y², ke kuma kika sa 20 a gurbin x² + y². Aikin duka yana wajen zaɓen lambobin, kuma daga sharaɗi ake farawa. Ki tambayi kanki: waɗanne abubuwa biyu ne in na ninka kowanne da kansa na haɗa za su ba ni x² + 4y²? Su ne x da 2y. To su ne a₁ da a₂. Sai ki koma kan x + y ki rubuta shi da su:

x + y = 1·x + ½·(2y)

Ashe b₁ = 1, b₂ = ½. Saboda haka (x + y)² ≤ (1 + ¼) × 20 = 25, wato x + y ba ya wuce 5.

Kada ki tsaya a nan, domin "ba ya wuce 5" daban, "yana kaiwa 5" daban. Ɓangarorin biyu suna daidaita ne kawai in jerin a da jerin b suna tafiya da kaso ɗaya, wato x ÷ 1 = 2y ÷ ½, wanda ya ba da x = 4y. Ki sa a sharaɗi: 16y² + 4y² = 20, y = 1, x = 4. An kai 5 ɗin, to yanzu ya tabbata shi ne mafi girma. In kika ɗauki y = −1 da x = −4 za ki samu −5, mafi ƙanƙanta ke nan, kyauta.

Hajara: Amma Malam, ai abin da ta rubuta ba ƙarya ba ne. x² + y² ba zai wuce x² + 4y² ba, don haka x + y ≤ √40 gaskiya ne.

Malam Habibu: Gaskiya ne, Hajara, kuma abin da ya sa kuskuren yake da wuyar ganewa ke nan. Iyaka ce, amma iyakar da ba a taɓa isa gare ta. Kafin a kai √40 sai abu biyu sun faru tare: x = y domin Cauchy–Schwarz ya daidaita, da y = 0 domin x² + y² ya kai 20. In duka biyun sun faru x ma sifili ne, sharaɗi ya rushe. Duk lokacin da aka jera rashin daidaito biyu ɗaya bayan ɗaya, a duba ko akwai wuri guda da dukansu ke daidaita. In babu, lambar da aka samu ba amsa ba ce.

Rukayya: Na gode Malam, na gane zaɓen. Amma daga ina maganar "kaso ɗaya" ta fito? Haddace ta kawai na yi.

Injiniya Bashir: Buɗe baka biyun da ke cikin ƙa'idar da hannunki sau ɗaya, ba za ki ƙara mantawa ba. In kika cire hagu daga dama, abin da ke saura shi ne:

(a₁² + a₂²)(b₁² + b₂²) − (a₁b₁ + a₂b₂)² = (a₁b₂ − a₂b₁)²

Lambar da aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, hujjar ke nan gaba ɗaya. Kuma ragowar tana zama sifili ne kawai in a₁b₂ = a₂b₁. Gwada da (1, 2) da (3, 4): dama 5 × 25 = 125, hagu 11² = 121, bambanci 4, kuma (1×4 − 2×3)² = 4. In kika canza (3, 4) zuwa (3, 6), dama 5 × 45 = 225, hagu 15² = 225, ba ragowa.

Na fi son a rubuta sharaɗin a matsayin a₁b₂ = a₂b₁ maimakon rabawa, domin in ɗaya daga cikin b sifili ne rabawar za ta ƙi. In lambobin sun kai uku ko fiye, haka abin yake, ragowar ce kawai take zama jimillar irin waɗannan murabba'ai. Cauchy ya wallafa ta ga jimillar lambobi a 1821, Bunyakovsky ya kai ta kan intigiral a 1859, shi ya sa wasu littattafan suke jera sunaye uku.

Kabiru: Tunda ana kai, ga tawa. Sharaɗi iri ɗaya, amma x − y ake nema, kuma an ce x da y kada su sauka ƙasa da sifili. Na ɗauki b = (1, −½), na samu 5. Ya yi?

Malam Habibu: Bai yi ba, Kabiru. Nemo inda ake daidaita: x = 4, y = −1, kuma an hana ka y mai alamar ragi. Ƙa'idar ba ta san da wannan hanin ba, don haka 5 ɗinka iyaka ce kawai. A nan ma ba ka bukatar ta. In y ya ƙaru, x yana raguwa saboda sharaɗi, abin da ake cirewa kuma yana ƙaruwa, asara biyu. To y = 0 ya fi, x = √20, amsa wajen 4.47.

Sadiƙ: To in haka ne me ya hana a yi kalkulas tun farko? y = √(20 − x²) ÷ 2, a bambanta x + y, a daidaita da sifili, x² = 16 ya fito. Babu zaɓen lambobi, babu tarko.

Injiniya Bashir: Ga harufa biyu zai yi, in ka tuna da duba bakin iyaka, wanda shi ne ainihin abin da ya kama Kabiru. Amma ƙara z ka gani: x² + 4y² + 9z² = 49, a nemo mafi girman x + y + z. Da Cauchy–Schwarz, b = (1, ½, ⅓), jimillar murabba'ansu 49/36, sau 49, tushensa 49/6. Layi biyu. Ana kai shi a x = 6, y = 3/2, z = 2/3: 36 + 9 + 4 = 49.

Sadiƙ: Na yarda ya fi gajarta. Amma da hanyar Lagrange ta kalkulas ma za a kai, kuma ita ba ta damu da sharaɗi ya zama jimillar murabba'ai ba. In aka ce x⁴ + y⁴ = 20 fa?

Hajara: Wannan sai a yi Cauchy–Schwarz sau biyu, kuma duka biyun suna daidaita a x = y, don haka ya ci gwajin Malam. Amma x⁴ + 4y⁴ = 20 na gwada, zaɓen b ɗin bai zo min da sauƙi ba. Akwai wanda ya fitar?